Fuskar amarya tun kafin biki ake yin ta

Shagon kwalliya nake da shi a Kano, ni da yara mata biyu da nake koya wa aiki. Muna yin kwalliyar suna da ta walima, amma abin da ke riƙe da shagon shi ne amare. Kuma a wannan sana'a abin da ya fi ba ni wahala ba zanen gira ba ne, ba ɗaurin ashoke ba ne. Fatar da ake kawo min ce.

Da zarar an sa rana, sai amarya ta zama ta kowa. Gwaggo ta ce ta yi duhu, ƙawa ta ce ai wance da ta yi aure bara sai da ta koma kamar Balarabiya, ita kuma ta kwana tana duba hotunan amare a waya, hotunan da an riga an wanke su da filta. Saura wata guda biki sai a kawo mata haɗin mai a roba marar suna, a ce sati biyu ya isa. Yawancin irin wannan haɗin ba ya rasa ɗayan biyu, ko haidirokwinon mai yawa, ko maganin sitiroyid irin kilobetasol, wanda asalinsa likita ke rubuta shi don ciwon fata na ɗan lokaci. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, amma har yau ana dama shi a bayan gida ana sayarwa.

Ni ba likita ba ce, ta ɓangaren aikina zan yi magana. Fatar da ta sha irin wannan mai takan yi siriri, ta yi sheƙi kamar leda, jijiyoyi kore su fito a gefen kumatu. Idan na taɓa ta da soso sai ta yi ja. Hasken kuma ba ya zuwa daidai: goshi da kumatu su yi fari, gefen baki da ƙarƙashin ido da kunne su ƙi, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi ƙirin. To fandeshan launi ɗaya ne a kwalba, wane daga cikin launuka ukun nan zan bi?

Akwai wata amarya da aka kawo min ana saura kwana goma kamu. Yayarta ce ta riƙo hannunta, ta ce, "Anti, don Allah ki duba mana fuskar nan, ƙuraje sun feso mata." Na kai ta bakin taga, don fitilar shago tana ƙarya. Ƙananan ƙuraje ne jajaye a kewayen baki da haɓa, kumatu na ɓarewa. Na ce, "Ƙanwata, me kike shafawa?" Ta yi shiru, sai yayar ta ciro robar daga jaka. Na ce su tafi wajen likitan fata a ranar, su tafi da robar, domin mai sitiroyid idan an daɗe ana shafa shi aka yanke rana ɗaya, fuska takan ƙara rikicewa kafin ta lafa, kuma ba ni ce zan tsara yadda za a janye shi ba. Na hana ta dilka da halawa a fuska, na hana sabulun goge fata. Abin da na bari kawai sabulu marar ƙamshi da man da ke sa laushi.

Ranar kamu ƙurajen sun kwanta amma tabon na nan. Ga yadda na yi. Na shafa mata man laushi na bar shi ya shiga kamar minti goma, sannan na sa firaima a goshi da hanci kaɗai, inda maiƙo ke fitowa. Wuraren da suka yi duhu, wato gefen baki da ƙarƙashin ido, na ɗan ɗiga musu abin gyaran launi ruwan lemo, domin idan aka ɗora fandeshan mai haske kai tsaye a kan baƙin tabo, toka-toka yake komawa. Launin fandeshan kuwa ban auna shi da kumatu ba, da wuya da ƙirji na auna, na haɗa kala biyu a bayan hannuna har ya ɓace a jikinta. Na sa shi siriri, sau biyu, ina dannawa da jiƙaƙƙen soso ba gogawa ba, don guga yana tayar da ɓawon fata. Gwaggonta na tsaye a kaina tana cewa, "Hajiya, a ƙara mata haske mana, amarya ce fa." Na ɗauki hoto da filashi na nuna mata, fuska da wuya da hannu duk abu ɗaya. Na ce, "Gwaggo, in na ƙara, a hoto za a ga kamar an ɗora mata kan wata." Ta yi dariya ta ƙyale ni.

Wannan gwajin filashin ba na tsallake shi ga kowace amarya. Farar hodar da ake zubawa a ƙarƙashin ido, musamman mai sinadarin silika, a ido ba a ganin ta, amma hasken kyamara na dukan ta sai ta dawo fari fat. Shi ya sa za ka ga amarya ta yi kyau a zaure, hoton dina ya fito kamar ta faɗa buhun fulawa. Maganinsa hoda mai ɗan launi, kaɗan, a kuma kakkaɓe ta sosai da buroshi.

Sai zafi. A watan Afrilu Kano takan haura digiri 40, ga leshi mai duwatsu, ga rigar dina mai koset da aka ɗaure har numfashi na gagara, ga mayafi, ga wutar masu bidiyo. Kwalliya mai kauri ita ce ta fara tsagewa a irin wannan yanayi, daga gefen hanci take farawa. Nakan ba babbar ƙawa tishu da hoda in ce ta riƙa dannawa a hankali, kada ta share. Kuma nakan roƙi amare su gwada rigar su zauna da ita a kujera tun kafin ranar, su ci abinci kafin a ɗaure su. Na ga wadda jiri ya ɗiba a wajen yanka kek saboda tun safe ba ta sa komai a cikinta ba, wai kada ciki ya fito.

Abin da ke ba ni haushi shi ne lissafin. Za a ɗinka kaya kala huɗu, na kamu daban, na yini daban, na dina, na buɗar kai, wata rigar ba za a sake sa ta ba har abada, a je Kantin Kwari a fitar da anko na dangi da na ƙawaye, amma in na ce a zo gwajin kwalliya sati biyu kafin biki sai a ce ɓarnar kuɗi ce. Alhali a gwajin nan ne nake gane ko gam ɗin gashin ido yana sa mata ƙaiƙayi, ko fatarta mai maiƙo ce. A nan ne kuma nake cewa a gwada baƙin lalle a ɗan wuri a hannu a jira kwana biyu, tunda da yawansa ana haɗa shi da rinin gashi, wasu kuma yana tayar musu da bororo a daidai zanen.

Yanzu duk wadda ta zo kama rana, kafin mu yi maganar kuɗi nakan ce ta turo min hoton duk abin da take shafawa, har sabulu. In saura wata uku ne, akwai lokacin gyara, tunda fata takan ɗauki kusan sati huɗu kafin ta sabunta kanta. In saura sati biyu ne, sharaɗina ɗaya: kada a fara sabon abu ko ɗaya a fuskar, ko wace ce ta kawo shi. Wadda ba ta yarda da wannan ba, nakan ba ta haƙuri in ce ta nemi wani shagon.