Ƙidayar kaya a sito: ta sau ɗaya a shekara ko ta kaɗan-kaɗan kullum?

Na yi aiki da hanyoyin biyu a sito matsakaici, irin wanda yake ɗauke da nau'in kaya wajen dubu huɗu, kowane nau'i da lambarsa da gurbinsa a kan kanta. Da farko ƙidayar ƙarshen shekara muke yi, a rufe ƙofa a ƙirga komai. Daga baya muka koma ƙidayar zagaye, wato a ware 'yan kaya kaɗan a ƙirga kowace safiya har a zagaye siton gaba ɗaya. Abin da na fahimta shi ne, ƙidayar shekara tana gyara adadin da ke cikin littafi, amma ba kasafai take nuna abin da ya ɓata adadin ba. Ƙidayar zagaye kuwa amfaninta yana wajen gano dalili, in kuma ba a bi dalilin ba, ɓata lokaci ce kawai.

Yadda ƙidayar shekara take gudana sananne ne. A tsayar da karɓa da fitarwa na kwana biyu, a tara mutum ashirin a raba su biyu-biyu, ɗaya na ƙirgawa ɗaya na rubutawa. Nau'in kaya 4,000 a raba wa tawaga goma, kowace ta samu 400, wato 200 a wuni. In ana aikin awa goma, minti uku ke nan ga kowane nau'i, har da hawa tsani da sauko da kwalaye. Rabin mutanen nan daga ofis aka aro su, ba su san bambancin kaya biyu masu kama da juna ba, kuma da la'asar ta yi gajiya ta kama kowa. Shi ya sa nake cewa ƙidayar shekara takan shigar da nata kurakuran a littafi. Gurbin da lissafinsa yake daidai sai a ƙirga shi ba daidai ba, a "gyara" shi, ya lalace.

Duk da haka tana da ƙarfin da ba na raina shi. A ranar komai a tsaye yake, babu kayan da ke yawo tsakanin mota da kanta. Kuma ido yana faɗawa kan kowane lungu, don haka kayan da babu su a littafi sam, da waɗanda suka lalace ko wa'adinsu ya wuce, duk sukan fito fili. Masu binciken kuɗi ma sun saba da ita. Ƙa'idar bincike ta ISA 501 ta buƙaci mai bincike ya halarci ƙidayar kaya in ƙimarsu tana da nauyi a lissafin kamfani, kuma ranar ƙidaya guda ɗaya ta fi masa sauƙin halarta.

Da za mu fara ƙidayar zagaye, sai muka jera kayan bisa ƙimar abin da ke fita daga kowane nau'i a shekara, wato yawan da ake fitarwa sau kuɗin guda ɗaya. Na sama su ne rukunin A, nau'i 400, ana ƙirga su duk wata. Rukunin B nau'i 1,000, duk wata uku. Ragowar 2,600 su ne C, sau ɗaya a shekara. In aka haɗa, 4,800 da 4,000 da 2,600, ƙidaya 11,400 ke nan a shekara. A raba da ranakun aiki 250, a samu kusan 46 a kullum. Mai ƙirga da ya san sito yakan ɗauki kamar minti biyar a kan kowane nau'i in zai yi a natse, wato kusan awa huɗu kowace rana.

A nan ina so mai karatu ya lura da wani abu da masu yabon wannan hanya ba su cika faɗa ba. Awa kusan huɗu a kullum ya kai awa 950 a shekara, ban da lokacin bincike. Ƙidayar shekara kuwa, mutum ashirin awa goma-goma na kwana biyu, awa 400 ce. Ke nan ƙidayar zagaye ba ta fi arha a lokacin ma'aikata ba. Ribarta tana wani wurin: ba a rufe sito, kuma kuskure ba ya daɗewa a littafi.

Ga abin da nake nufi da daɗewar kuskure. Wani nau'i na rukunin A, littafi ya ce akwai guda 240, mai ƙirga ya samu 192. Ya sake ƙirgawa, wani ma ya ƙirga, 192 ɗin dai. Giɓin 48 ke nan. Da yake watan jiya an ƙirga shi an samu 60 kuma ya yi daidai da littafi, binciken bai wuce takardun wata guda ba: shigowar kaya sau ɗaya, kwali 12, da fitarwa da jimillarta ta kai guda 108. Takardun fitarwa duk sun yi daidai. Muka koma kan shigowa. A manhaja an saita cewa kwali ɗaya guda 24 ne, don haka da akawu ya shigar da kwali 12 sai ta rubuta 288. Muka buɗe kwali guda da ba a taɓa ba, sai ga 20 a ciki. Mai kawo kayan ya canza girman kwali, kuma ba wanda ya gyara saitin. Kwali 12 sau huɗu, ga 48 ɗin nan cif. Aka gyara saitin, aka duba takardar biya don a tabbatar ko guda 240 aka caje mu ko 288, aka kuma sa doka cewa mai karɓar kaya zai riƙa buɗe kwali ɗaya daga kowace shigowa ya ƙirga cikinsa.

Da sai ƙarshen shekara aka ga wannan giɓi, da shigowa goma ko fiye sun hau kansa, takardun fitarwa sun kai ɗaruruwa, wanda ya karɓi kayan ma ba zai tuna komai ba. Abin da akan yi a irin wannan hali shi ne a rubuta asara a wuce, sannan zargin sata ya faɗa kan ma'aikatan da ba su ɗauki komai ba. Wannan zargin yana damuna ƙwarai, domin yawancin giɓin da na bi diddiginsa daga takarda ya fito: an rikita ma'auni tsakanin kwali da guda, an ajiye kaya a gurbin da ba nasa ba, ko an dawo da kaya ba a shigar ba.

Abin da ya fi lalata ƙidayar zagaye shi ne ƙirgawa alhali kaya suna motsi. Misali, an ɗebi guda 30 daga gurbi da ƙarfe tara, ba a shigar a kwamfuta ba sai sha ɗaya. Mai ƙirga ya zo da ƙarfe goma ya ga babu 30, aka rage su a littafi. Da sha ɗaya akawu ya shigar da fitarwar, aka sake rage 30. Yanzu littafi ya gaza abin da ke kan kanta. Alamarsa ita ce a ga nau'i ɗaya ya yi ƙasa yau, a ƙidaya ta gaba ya yi sama da adadin nan daidai. Maganin da ya yi mana aiki shi ne a ƙirga da sassafe kafin a fara ɗiba, bayan an tabbatar duk takardun jiya sun shiga. In dole ne a ƙirga da rana, a kulle gurbin a manhaja har a gama.

Takardar da ake ba mai ƙirga kada ta nuna adadin da ke littafi. Mutum in ya ga 240 a rubuce, ya hangi tulin kwalaye, zuciyarsa za ta ce masa ai sun kai. Haka kuma wanda ya ƙirga ba shi ne zai gyara littafi ba, kuma mai kula da layi ba ya ƙirga layinsa. A rukunin A ba mu yarda da bambancin ko guda ɗaya ba. Ƙananan abubuwa irin su kusoshi da ake auna su a sikeli, mukan bar musu ɗan rangwame na kashi biyu cikin ɗari.

Yadda ake auna sakamako ma ya bambanta. Ƙidayar shekara takan ƙare da adadi ɗaya na ƙimar kuɗi, inda rarar wani nau'i take rufe giɓin wani, sai a ga kamar komai lafiya. Mai saye kuwa da ya zo neman abin da littafi ya ce akwai amma kanta babu, rarar wani kaya ba ta amfane shi da komai ba. Mu nau'i-nau'i muke aunawa: in an ƙirga 46, 41 suka yi daidai, daidaiton ranar kashi 89 ne cikin ɗari, kuma biyar ɗin da suka saɓa kowanne sai an rubuta dalilinsa. Bayan 'yan watanni jerin dalilan nan yakan nuna inda matsalar take, ko a wurin karɓa ko a wurin ɗiba.

Raunin ƙidayar zagaye guda biyu ne da na gani da idona. Na farko, da aiki ya yi yawa mai ƙirga ake fara janyewa ya je lodi. A tsallake mako biyu, ƙidaya 460 ta taru, sai a yi ta a gurguje, a riƙa gyara adadi ba bincike. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Na biyu, jerin abin da za a ƙirga daga littafi yake fitowa, don haka kayan da babu su a littafi ba za su taɓa shiga jerin ba. Saboda wannan muka koma ƙirga rukunin C layi-layi, a bi kanta daga farko zuwa ƙarshe a rubuta duk abin da aka tarar, sannan duk mako a leƙa guraben da manhaja ta ce babu komai a cikinsu.

Siton da gurabensa ba su da lamba, ko ake shigar da takardu bayan kwana biyu ko uku, ban ba shi shawarar fara ƙidayar zagaye ba. Ya gyara waɗannan tukuna, ya yi cikakkiyar ƙidaya guda don a samu tushe mai kyau. Daga nan a fara da rukunin A kaɗai, nau'i ashirin a kullum, a ci gaba da ƙidayar shekara tare da ita. Sai daidaiton da ake aunawa nau'i-nau'i ya zauna sama da kashi 95 na tsawon watanni, kuma takardun kowace ƙidaya da dalilin kowane gyara suna nan a ajiye, sannan a zauna da masu binciken kuɗi tun farkon shekara a nemi su amince a daina rufe sito. Sukan so su halarci wasu daga cikin ƙidayoyin safe, su ɗauki samfurinsu su gwada da littafi, kafin su yarda.