Ƙarfen allon shago da wayar da ke riƙe da shi

Ƴan uwa masu koyon fizik, ga inda na kai a wannan mako. Wana yana son rataya allon talla a bakin shagonsa, can wajen Babbar Kasuwar Maradi. Mai walda ya yanko bututun ƙarfe, za a haɗa gindinsa da bango da hinji irin na ƙofa, ya miƙo a kwance, waya ta riƙe bakinsa daga sama. Na ce masa: "Yaya, bari in lissafa kafin a huda bango."

Tsawon ƙarfen mita 2 ne, na ɗora shi a sikeli ya ba ni kilo 10. Allon kilo 20, a can baki zai rataya. Na ɗauki g a 10 don sauƙi, ke nan ƙarfen nuton 100, allon nuton 200. Ƙugiyar wayar za ta zauna mita 1,5 a saman hinjin. Tsawon wayar ya kama mita 2,5, don haka sin na kusurwar da ke tsakanin waya da ƙarfe 0,6 ne, cos kuma 0,8.

Daren farko ban yi komai ba sai ɓata takarda. Abu uku nake nema: jan waya, turin hinji a kwance, da turinsa a tsaye. Na fara da daidaita sama da ƙasa, sai na ga biyu daga cikinsu sun cakuɗe a layi ɗaya. Washegari na gane cewa daga ƙarfin juyawa ake farawa, kuma a kan hinji ake tsayawa a auna shi. Duk abin da hinjin ke yi, a nan inda yake yake yin sa, tazararsa sifiri ce, ba ya juya komai. Sai ya fita daga lissafin, waya kaɗai ta rage.

Nauyin ƙarfen a tsakiyarsa yake aiki, wato mita 1 daga bango, tunda kaurinsa ɗaya ne daga gindi har baki. Allon yana mita 2. Ita kuwa waya, ba duka janta, wato T, ke ɗaga ƙarfen ba, sai kason da ya nufi sama:

```
T × 0,6 × 2 = 100 × 1 + 200 × 2
T = 416,7 N
```

Na daɗe ina kallon wannan adadi. Kayan duka nuton 300 ne, amma waya tana shan kusan 417, kamar an rataya mata kilo 42. Dalili shi ne a karkace take ja. Nuton 250 ne kawai ke tafiya sama, nuton 333 kuma na danna ƙarfen cikin bango. Hinjin ne ke mayar da wannan turin, nuton 333 zuwa waje. A tsaye kuma, an cire 250 daga 300, saura 50, shi ma hinjin ke tallafe da shi.

A nan na taɓa yin kuskure, na ɗauka hinji yana turi ne daidai tsawon ƙarfen kurum. Ba haka ba ne. In ka haɗa 333 da 50 ta hanyar Fitagoras za ka sami kusan nuton 337, ya ɗan ɗaga sama da digiri 8,5. Don in tabbatar, na koma bakin ƙarfen na auna juyawa daga can. Waya da allo duk a nan suke, sun fita. Turin hinji na tsaye sau 2 dole ya yi daidai da 100 sau 1, ya ba ni 50 cif. Ku riƙa yin wannan gwajin. Da na sa cos a gurbin sin a lissafin juyawa kaɗai, jan waya 312,5 zai fito, hinjin ya nuna 112,5 a tsaye, nan take asiri ya tonu.

Mai walda ya so a sauko da ƙugiyar zuwa rabin mita saman hinjin, wai ya fi kyan gani. Na sake lissafi a gabansa. Nuton 250 ɗin nan na sama ba ya canzawa, dole waya ta samar da shi ko ta wace kusurwa. Da sin ya faɗo zuwa 0,24, jan ya haura nuton 1000, kuma nuton 1000 ne ke fizgar ƙugiyar daga jikin bulo. Ninki uku ke nan na nuton 333 ɗin farko. Ya yarda a bar ta a mita 1,5.

Lissafin nan na allon da ke tsaye cik ne. Iskar hadarin damina za ta bugo shi daga gefe, inda waya ɗaya ba ta da abin yi. Na ce wa wana a ƙara wayoyi biyu hagu da dama, kuma ƙusar ƙugiyar ta ratsa bangon a ɗaure ta da noti daga ciki. Lissafin iskar shi zan kama ranar Asabar.