Yadda na daina leƙen farashi a ƙarƙashin teburin ofis

Ina aikin akanta a wani kamfanin rarraba kaya a Kano, daga ƙarfe takwas na safe zuwa biyar na yamma, kuma a gefe guda ina ɗan taɓa cinikin kuɗaɗen waje ta intanet, galibi Yuro da Dalar Amurka, wato abin da ake gani a allo da sunan `EURUSD`. A shekarata ta farko wayata tana cikin aljihun tebur, ina jawo shi kusan duk bayan minti goma, har ranar da na maimaita lamba ɗaya sau biyu a takardar biyan kuɗi, shugabana ya dawo mini da ita ya ce, “Malam, jikinka ne kawai a nan.” Daga ranar na koma ga ƙararrawar farashi, amma sai da na yi wata uku ina kuskure kafin na gane yadda ake saka ta.

Kuskurena na farko shi ne na saka ƙararrawar a manhajar dillalina ta kwamfuta, na bar kwamfutar a gida a kunne, da tunanin za ta riƙa turo mini saƙo a waya. Irin wannan ƙararrawa tana aiki ne muddin manhajar tana buɗe kuma akwai intanet, don haka da aka ɗauke wuta batir ya ƙare, farashi ya zo inda nake jira ya wuce ban ji komai ba. Bayan haka na koma TradingView, inda ƙararrawa take zaune a kan na'urorinsu, ko wayata a kashe take za ta buga, saƙon ya jira ni. Sai dai ita ma wayar tana da nata halin, domin tsarin tattalin batir yana iya danne saƙonnin manhajar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na cire manhajar daga wannan tsari, na ƙara da saƙon imel, sannan na gwada ta hanyar saka ƙararrawa dab da farashin lokacin, na kulle wayar na jira na ji ta yi ƙara.

Kuskure na biyu ya fi cin rai, kuma a kansa na fi koyon darasi. Da farko ina ɗora ƙararrawa daidai kan farashin da nake son saye, ina kuma saka su da yawa, wani lokaci har goma sha biyu. Sakamakon haka wayar ta koma buga ƙara duk yini, kuma idan wadda nake jira ta buga ina tsakiyar taro, kafin na fito farashin ya riga ya yi gaba, sai na bi shi da gudu na saya da tsada. Ashe leƙen da nake gudu ne ya dawo ta bayan gida.

Yanzu duk aikin da dare nake yin sa, bayan sallar isha'i, kuma ba ya wuce minti ashirin. Bari na kawo misalin wani mako. Farashi yana wajen 1.0910, ni kuma na lura cewa sau biyu yana sauka zuwa 1.0850 ya juya sama, saboda haka a nan nake son saye. Na duba ma'aunin `ATR`, wanda ke nuna matsakaicin tazarar da farashi ke yi a yini, a kan kyandir na kwana ɗaya, wato zanen da ke nuna motsin farashi na yini guda a taswira, na ga kusan ɗigo 70, ɗigo kuwa shi ne lamba ta huɗu bayan aya, wadda ake kira `pip`. Na ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tazara, na saka ƙararrawa ta farko a 1.0868 da sharaɗin `Crossing Down`, wato idan farashi ya ratsa wurin yana sauka, kuma sau ɗaya kawai za ta buga. Aikinta shi ne ta gaya mini cewa an kusa, tun da sauran lokacin da zan kammala abin da ke gabana. Sau ɗayan nan yana da muhimmanci, domin idan farashi ya tsaya yana kai da komo a kan layi, ƙararrawar da aka bari tana bugawa kowane lokaci za ta cika waya da saƙo ashirin cikin sa'a guda.

Ta biyu ita ce ta yanke shawara. Na ja layi a kwance a 1.0850, na ɗaura masa ƙararrawa a kan kyandir na sa'a huɗu, na zaɓi `Once Per Bar Close`, ma'ana ba za ta buga ba sai kyandir ya rufe a ƙasan layin. Bambancin taɓawa da rufewa babba ne, domin farashi yakan soki layi na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo, kuma wanda ya firgita da wannan suka zai fasa shirin da yake daidai. Ga ma'aikaci akwai wata fa'ida kuma: a taswirar da nake bi, kyandir na sa'a huɗu yana rufewa ƙarfe 10 na safe, 2 na rana da 6 na yamma agogon Najeriya a lokacin bazarar Amurka, ya matsa da sa'a ɗaya idan sun mayar da agogonsu a watan Nuwamba. Ke nan na san lokutan da za a iya kirana, kuma sau biyu ne kacal a cikin lokacin aiki.

A cikin akwatin saƙon kowace ƙararrawa nakan rubuta abin da zan yi, da Hausa, kamar mai barin sallahu: idan ta farko ta buga, saka odar saye a 1.0852, `Stop Loss`, wato odar da ke rufe ciniki don taƙaita asara, a 1.0820, idan ta biyu ta buga kafin na shiga, shiri ya rushe, kada a taɓa komai. A wancan mako ta farko ta buga ranar Laraba da misalin sha ɗaya da rabi, na fita baranda na saka odar cikin minti biyu, na koma kan lissafina. Washegari farashi ya sauka 1.0852 a taswira ya juya, odata ba ta kama ba, saboda taswira tana nuna farashin sayarwa ne, saye kuwa yana ɗan sama da shi, sannan farashin da TradingView ke nunawa ba lallai ya yi daidai da na dillalina ba, yakan bambanta da ɗigo ɗaya ko biyu. Tun daga nan nake barin rata ta ɗigo uku zuwa huɗu a odar shiga.

Abin da ban taɓa danƙa wa ƙararrawa ba shi ne tsare ni daga asara. Rahoton ayyukan yi na Amurka yakan fito ranar Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, wato ɗaya da rabi ko biyu da rabi na rana a wurinmu, daidai lokacin da nake masallaci ko kan hanyar dawowa, waya a kashe. A irin wannan lokaci farashi yana iya tafiyar rabin tazarar yini cikin minti ɗaya, saƙo kuwa ba ya rufe ciniki. Don haka duk cinikin da ke buɗe yana da `Stop Loss` a wurin dillali, kuma ko shi ɗin a irin wannan guguwa yana iya kamawa a farashin da ya fi wanda na rubuta muni, shi ya sa a irin wannan Juma'a nakan rage girman cinikin tun da safe.

Ranar Lahadi da dare nakan share tsofaffin ƙararrawa, in duba ranar ƙarewar wa'adin waɗanda suka rage, domin sau ɗaya na yi kwana tara ina jiran wadda wa'adinta ya riga ya ƙare. A wannan makon guda huɗu ne a kunne, biyu a kan `EURUSD`, biyu a kan `GBPUSD`, wato Fam na Ingila da Dalar Amurka.