Takardar da na rubuta kafin mu zauna neman sunan yajin Yaya

Yayata tana haɗa yajin daddawa da na tafarnuwa a Kano, tana zubawa a ƙananan robobi tana sayarwa. Da ta yi niyyar yi wa sana'ar rajista, sai ta ce a tara 'yan gida kowa ya kawo suna. Na roƙe ta a dakata, mu fara rubuta takarda shafi ɗaya wadda za ta faɗi irin sunan da ake nema. Dalilina shi ne, idan aka zauna babu ma'auni, sunan da babba ya kawo shi ke wucewa, don ba mai iya ce wa Hajiya a'a.

Tambayar farko da na yi mata ita ce wa ke saye. Ta ce kowa da kowa. Na ce, "Yaya, buɗe wayarki mu duba waɗanda suka yi oda." Sai ga shi yawancinsu matan aure ne ma'aikata a Kano, Kaduna da Abuja, ga kuma masu shaguna biyu da ba sa jin Hausa. Abin da na rubuta ke nan. Wannan layi kaɗai ya haifar da sharaɗi: dole wanda ba Bahaushe ba ya iya faɗin sunan a waya, wanda ya ji kuma ya iya rubuta shi daidai.

Salon suna ya fi wuyar rubutawa, domin "mai daɗi" ko "na zamani" ba sa tace komai. Sai muka rubuta shi bibbiyu: na gida amma mai tsafta, mai fara'a amma ba na barkwanci ba. Tsawo kuwa murfin roba ne ya yanke mana shi. Na auna faɗin takardar da ake liƙawa, na ga idan suna ya wuce harafi 8 sai an ƙanƙance rubutu har ba a hango shi daga kan kanta. Muka tsaya a kalma ɗaya, gaɓa biyu ko uku.

Inda na fi daɗewa shi ne kalmomin da za a guje wa, kuma kowacce na rubuta dalilinta a gefe. Babu sunayen Allah ko lafazin Alƙur'ani, tunda robar shara za ta tafi bayan an gama da ita. Babu "magani" ko "waraka", domin hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ba ta yarda a yi wa abinci iƙirarin warkar da cuta. Babu `Federal`, `National` ko `Government`, waɗanda dokar kamfanoni ta 2020 ta ce sai da amincewar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ake sa su. Albarka, Alheri da Nasara kalmomi ne masu kyau, amma sun cika allunan shagunan garin nan, mai nema zai ɓata a cikinsu. Yaya da kanta ta ƙara abin da ban yi tunani ba: "sirri", "ni'ima" da "mallaka" su fita, saboda masu sayar da kayan mata sun riga sun mamaye su, ita kuma abin barbaɗawa a tsire da shinkafa take sayarwa. Har kalmar "yaji" muka cire, don tana shirin ƙara garin kuka da kuɓewa busasshiya.

Sharaɗin ƙarshe ya yi mini ciwo: babu ɓ, ɗ, ƙ. Haruffanmu ne, ina son su, amma sunan shafi a Instagram ba ya karɓarsu, kuma masu buga takardar liƙawa sukan mayar da su b, d, k.

Na karanta wa Yaya takardar, ta amince, muka kuma rubuta cewa ita ce mai yanke hukunci. Ranar zama na karanta ta da ƙarfi kafin kowa ya buɗe baki. Ɗanɗano da Garɗi suka faɗi a kan haruffa. Lagwada ta faɗi a kan salo, don ta yi kama da zolaya. Hajiya ta kawo Albarka, na nuna mata layin da dalilinsa, ta ce to shi ke nan, ba tare da ranta ya sosu ba. Marmari ta cika kowane sharaɗi, sai wata ƙanwarmu ta ce ita lemo da ayaba take tunawa. Takarda ba ta hango wannan ba, kunnen mutum ne ya kama shi, sai muka ƙara layi: kada sunan ya tuna wa mai ji wani kayan daban.

Sunaye uku suka tsira. Na kira ɗaya daga cikin masu shagunan nan, na faɗa masa su sau ɗaya, na ce ya rubuto mini. Biyu suka dawo daidai. Su muka shigar a binciken suna na CAC, wadda ke riƙe wa mutum sunan da aka amince da shi kwana 60 kafin ya kammala rajista, sannan muka nufi binciken alamar kasuwanci a rukuni na 30, inda kayan yaji suke.