Yanki na huɗu da babu shi a handawut ɗin malam

Daren jiya ɗan ƙanwata ya zo gidana don ya samu wuta ya yi caji, yana aji ɗaya a jami'a, jibi yana da tes. Ina zaune ina kallonsa ya shimfiɗa handawut a kan tabarma yana ɗaukar hoton shafi bayan shafi da waya, ya tura wa manhajar AI ɗin nan, ko minti ɗaya ba a yi ba ta fito masa da taƙaitawa. Sai ya naɗe handawut ɗin ya cusa a jaka, ya kishingiɗa ya fara hadda daga sikirin. Na ce kai, ka gwada abin da ta ba ka da takardar malam? Ya ce "Kawu ai daga cikinta ta ciro." Wallahi sai da gabana ya faɗi, don maganar da na yi wa kaina kenan kafin in faɗi wani kwas.

Ni da girmana na koma karatu, na ƙarshen mako, ga aiki ga iyali. Ba wai ina neman uzuri ba ne amma wanda bai taɓa tashi daga wurin aiki da yamma ya tarar da yaro ba lafiya sannan ga shafi arba'in na jiransa ba, ba zai gane ba. Kwas ɗin a kan tsarin mulkin Najeriya ne zamanin Turawa, tsarin Kilifod na 1922, na Ricas na 1946, na Makfasin na 1951, na Litiltan na 1954. Fotokwafin da na samu na fotokwafi ne, ƙasan wasu shafukan ya yanke, wani wurin tawada ta dushe. Na ɗauki hoto cikin dare da hasken fitila na tura wa manhajar, ta ba ni shafi biyu tsaf, an jera komai gwanin sha'awa, har na tura wa 'yan ajinmu uku. Wannan turawar ita ta fi damuna har yau.

A taƙaitawar an rubuta cewa tsarin Ricas ya kafa majalisun yankuna huɗu, Arewa, Yamma, Gabas da Yamma ta Tsakiya. Na haddace, aka yi tambayar kuwa, maki mai yawa, na zauna na zuba bayani har da yankin na huɗu. To yankuna uku ne. Yamma ta Tsakiya sai 1963 aka cire ta daga jikin yankin Yamma, bayan samun 'yancin kai ma, Gwamna Ricas ya daɗe da barin ƙasar. Da sakamako ya fito na koma na buɗe handawut ɗin, ashe daidai wurin da malam ya lissafa yankunan ne fotokwafi ya yanke. Manhajar ba ta ce min ba ta ga ƙasan shafin ba, cikewa kawai ta yi. Haka take aiki, kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya take kawowa daga tarin rubutun da aka horar da ita da shi, kuma a rubuce-rubucen tarihin Najeriya sau da yawa sunayen yankunan nan huɗu tare suke zuwa. Ba ta sa alamar da za ta raba maka abin da ta gani a takardarka da abin da ta zo da shi daga waje, duk murya ɗaya ce.

Wani lokaci ina cewa laifin mai fotokwafi ne, wani lokaci in ce ai malam ma da ya ba mu PDF da hakan ba ta faru ba. Amma ni na ga shafin a yanke da idona kafin in ɗauki hoton. Na gani, na wuce.

Da na zauna na bi taƙaitawar layi-layi daga baya, ƙari iri uku na samu, kuma na ƙaryar nan shi ne ma mai saukin kamawa. Na biyu gaskiya ne amma babu shi a handawut: ta rubuta cewa a tsarin Kilifod sai mai samun fam 100 a shekara zai jefa ƙuri'a. Haka ne a tarihi, amma malam bai kawo ba, shi kujeru huɗu na zaɓe kawai ya ambata, uku Legas ɗaya Kalaba. Irin wannan shi ke sa ka saki jiki, ka ce ai abin nan ya ma fi malam sani. Na uku shi ne mugun, babu sabon suna babu sabuwar shekara, nauyin magana kawai aka canza. Malam ya rubuta cewa rashin tuntuɓar 'yan ƙasa yana daga cikin dalilan da suka sa aka soki tsarin Ricas, ita ta mayar da shi shi ne dalilin. An jefar da "daga cikin", kuma idan tambaya ta ce kawo dalilai uku kai ɗaya ka sani.

Na yi niyyar in jero muku shawarwari da yawa amma gaskiya ba su kai haka ba. Ku daina ba ta handawut ɗinku, ku karanta da kanku, shafi arba'in ba ya kisa. Na san ba za ku ji ba, ku da bidiyon minti biyu ma sai kun tsallake rabi, kuma ni kaina har yanzu ina amfani da ita in aiki ya min yawa, to in za ku yi ku yi haka. Ka kwafe taƙaitawar a takarda ko ka buga ta, ka ɗau jan biro ka zagaye duk lamba, duk shekara, duk sunan mutum ko wuri, da duk inda aka ce "saboda" ko "na farko" ko "kaɗai". Kowanne ka nemo shi a handawut ka rubuta lambar shafi a gefensa. Wanda ba shi da shafi ka soke shi, ko da ya yi kama da gaskiya, in kuma yana ba ka sha'awa ka kai wa malam ko ka duba littafin kwas ɗin. In takardar PDF ce a kwamfuta ka danna Ctrl+F ka rubuta kalmar, da a ce PDF gare ni na rubuta Mid-West, wato Yamma ta Tsakiya, da na ga babu. Amma fa in PDF ɗin hotunan shafuka ne aka haɗa, binciken ba zai samo komai ba ko da kalmar na ciki, sai ka fara gwada shi da kalmar da idonka ke gani a shafin. Nau'i na uku kuwa Ctrl+F ba ya kama shi, dole ka karanta jimlar malam da tata a jere.

Kuma don Allah kar ka tambaye ta ko ta ƙara wani abu. Za ta iya ce maka a'a, za ta iya ma kawo maka jimla ta ce daga shafi kaza take alhali ita ta ƙera ta. In ta kawo jimlar, je ka nemo ta da idonka.

Yaron ya ce "Kawu in zan yi duk wannan ai gara in karanta handawut ɗin." Na ce to ciro shi. Ya ɗan ɓata rai amma ya ciro, na miƙa masa biro. Shafi biyu na taƙaitawa ya zagaye abu goma sha bakwai, muka bi su ɗaya bayan ɗaya har wajen sha ɗaya na dare, goma sha biyar muka samu shafinsu. Biyun da suka rage ya ce shi yana jin malam ya faɗa a aji. Na ce ya rubuta su a bayan takarda ya tambayi malam gobe kafin ya haddace su.