Rubutun ƙasan bidiyo bai kare ni ba

Lokacin da na fara sharhin finafinai a YouTube, akwai wata jimla da nake liƙawa a ƙasan kowane bidiyo: "No copyright infringement intended", wato ba da niyyar keta haƙƙin mallaka na yi ba. Na ga kowa yana sa ta, na ɗauka kariya ce. Ran nan na ɗora sharhin minti 12, a ciki na bar wata fitowa ta yi minti 4 cur ban ce uffan ba. Ko awa ba a yi ba, sai ga sanarwar Content ID, tsarin YouTube mai gano kayan da ke da haƙƙin mallaka, kuɗin tallan bidiyon ya koma aljihun masu fim ɗin.

Sai daga baya na gane dalili. Content ID hoto da sauti yake gwadawa da abin da masu haƙƙi suka ajiye masa, ba ya karanta bayanin da ka rubuta. Ita ma doka ba niyyarka take tambaya ba. Sashe na 107 na dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1976, wanda mutane ke kwafowa su liƙa, cewa ya yi, don a san ko amfani da aikin wani ya halatta ba tare da izini ba, a duba manufar amfanin, irin aikin da aka ɗauka, yawan abin da aka ɗiba, da kuma ko zai kashe wa mai shi kasuwa. Duk a cikin bidiyon ake ganin waɗannan.

Shari'ar Ethan da Hila Klein, masu tashar YouTube da wani ya kai ƙara don sun sa guntayen bidiyonsa a sharhinsu, a New York a 2017 ta ƙara buɗe mini ido. Sun yi nasara ne saboda suna tsayar da bidiyon akai-akai suna suka da sharhi. Alƙaliyar ma ta ja kunne cewa hukuncin bai wanke duk masu irin wannan bidiyo ba, don wasu zaman kallo kawai suke yi da jama'a. Minti 4 ɗin nan nawa zaman kallo ne, shi ya sa ban ƙalubalanci sanarwar ba. Na sake yankawa, kowane guntu gajere, kuma da magana a bayansa.

Ambaton mai aiki kuwa ban daina ba, na ma ƙara kyautata shi. Haƙƙinsa ne, kuma dokar Najeriya ta 2022 ta nemi mai sharhi ko suka ya faɗi sunan aikin da na mai shi in hali ya yi. Yanzu ina rubuta sunan fim, kamfani, shekara, mahaɗin inda za a kalli asalinsa, sannan lokacin kowane guntu, misali "03:10 zuwa 03:25, sharhi kan hasken ɗakin". Ba na rubuta cewa na samu izini in ban samu ba.

Jerin lokutan nan yana amfani in na ƙalubalanci sanarwa, domin mai haƙƙi yana da kwana 30 ya amsa, kuma mutum ne zai karanta hujjata. Ina yi da taka-tsantsan, saboda yana iya neman a sauke bidiyon, abin da ke jawo wa tasha gargaɗi, gargaɗi uku cikin kwana 90 kuma kan iya rufe tasha.