Kowace igiya baki biyu gare ta

Da guntayen igiya shida na koya wa ɗalibai biyar wani darasin lissafi a Tudun Wada, nan Zariya: a zanen ɗigo da layi, jimlar digiri ninki biyu ce ta yawan layuka. Na sa musu suna A, B, C, D da E. Kowane ɗalibi ɗigo ne, igiyar da ke tsakanin mutum biyu ita ce layi, digirin mutum kuwa shi ne yawan bakin igiyar da ke hannunsa.

Na haɗa A da B, A da C, A da D, B da C, C da D, sai D da E. Na ce kowa ya ƙirga abin da ya riƙe. A yana da 3, B 2, C 3, D 3, E 1. Jimla 12, igiya kuma 6.

Dalilin yana jikin igiyar kanta. Baki biyu gare ta, kuma kowane baki yana hannun wani. Idan ka bi mutane kana tambayar kowa nawa ya riƙe, kowace igiya sau biyu za ta shiga lissafinka, sau ɗaya daga kowane gefe. Da na zare ta D da E, sai D ya koma 2, E ya koma 0, jimla ta sauka zuwa 10. A littafi haka ake rubuta shi, inda Σ deg(v) ke nufin jimlar digirin dukkan ɗigo, |E| kuma yawan layuka, ba ɗalibi E ba:

Σ deg(v) = 2|E|

Leonhard Euler ya yi amfani da wannan ƙirga a 1736 kan gadoji bakwai na birnin Königsberg, inda yankuna huɗu ke da bakin gada 5, 3, 3 da 3, wato 14.

Kuskure ya fara ne da muka koma takarda. Inda layi biyu suka gitta juna, wasu suka ɗauka ɗigo ne, alhali ba wanda ke tsaye a wurin. Sai kuma layin da ya fita daga ɗigo ya dawo masa. Yawancinsu 1 suka ba shi. Na miƙa wa E igiya ya riƙe bakinta biyu, ya ga da idonsa cewa 2 ne. Tun daga nan nake fara duba jimla, domin in ta fito mara, kamar 11 ko 13, an yi kuskuren ƙirga, ba sai na duba zanen ba. Shi ya sa mutum biyar ba za su iya yin musafaha kowa da mutum uku cif ba, tunda 15 ba ta rabuwa biyu daidai.

Amma jimla ta zama cika bai isa hujjar cewa zanen zai yiwu ba. Ɗauki mutum uku masu 2, 2 da 0, da sharaɗin igiya ɗaya tak tsakanin kowane mutum biyu, kuma ba mai riƙe bakin igiya ɗaya duka biyu. Jimla 4 ce, sai dai na farko yana bukatar abokai biyu, na ukun kuwa bai riƙe komai ba.